Yadda sabon makaɗi zai kama bugun tsakanin taku, ya kuma rubuta shi daidai

Ɗan ƙanwata yana cikin yaran da ke buga gangar fareti a makarantarsu a nan Sakkwato. Ana saura 'yan makonni faretin ranar yara ta 27 ga Mayu ya zo gidana a Mabera da sandunansa biyu, ransa a ɓace, wai an ba su wani ɗan gajeren kiɗa mai bugu uku, kowa ya kama sai shi. Na ce ya buga mini a kan benci. Ya buga uku cif, amma ya raba su daidai wa daida kamar mai rabon gado.

"Kawu, ai ukku na, ukku kuwa nib buga," in ji shi.

Da gaskiyarsa ta fuskar lissafi. Abin da ya ɓace masa shi ne wurin da kowane bugu zai sauka, kuma wannan ba a hannu ake gyara shi ba, a ƙafa ake gyara shi.

Masu karatun kiɗa suna kiran abin da ya gagare shi sinkofeshan. Kowane kiɗa yana da taku, wato wannan bugun zuciya da ke sa mai sauraro gyaɗa kai ko taka ƙasa ko da ba a buga shi a fili ba. Kunne yana sa ran ƙarfi ya faɗo a kan takun. Idan makaɗi ya ɗauke ƙarfin daga inda ake jiransa, ya kai shi tsakanin taku biyu, ko ya yi shiru a daidai inda ake jira, to ya yi sinkofeshan. Ni a nan zan riƙa ce masa bugun tsakani. Daɗinsa duka yana cikin saɓawar da yake yi da takun, don haka idan takun ya ɓace, shi ma ya ɓace, sai a ji bugu kawai a warwatse.

Fara da ƙafa, ka ajiye sanda

Saukar da manhajar metironom a waya, wato mai fitar da ƙara a tazara ɗaya ba canji, akwai na kyauta da yawa. Sa ta a kan 60 BPM, wato ƙara sittin a minti ɗaya, ƙara guda a kowace daƙiƙa. Za ka ji kamar ta yi sanyin jiki da yawa. Bar ta haka. Zauna a kan kujera, dugaduginka a ƙasa, ka riƙa sauke gaban ƙafa tare da kowace ƙara.

Ka lura da abu ɗaya: ƙafar ba sauka kaɗai take yi ba, tana tashi ma. Yawancin masu koyo suna sauke ta, su bar ta a ƙasa, sai ƙara ta kusa su fizge ta sama da gaggawa. Kada ka yi haka. Ka sa ta yi tafiya irin ta taɓarya, rabin daƙiƙa tana hawa, rabin daƙiƙa tana sauka, ta kai ƙololuwa a daidai tsakiyar ƙara biyu. Wannan ƙololuwar ita ce gidan bugun tsakani. In ka same ta a ƙafarka, ka gama rabin aikin. Minti biyar a rana na kwana uku ya isa, kuma na fi son a yi kwana ukun nan ba a taɓa ganga ba.

Ƙidaya da gaɓoɓi

Hausa ta yi mana gata a nan. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, kowace gaɓa biyu ce gajeru. Ka faɗe su a rarrabe: ɗa-ya, bi-yu, u-ku, hu-ɗu. Gaɓa takwas ke nan a kan taku huɗu. Ta farko tana tare da saukar ƙafa, ta biyu tana tare da tashinta. Ɗa, bi, u, hu su ne taku. Ya, yu, ku, ɗu su ne tsakani. Taku huɗun nan a haɗe su ne zan riƙa kira gida ɗaya, kuma su ne ake rubutawa 4/4 a farkon takardar kiɗa.

Mu Sakkwatawa akwai ɗan tarko a bakinmu. Muna cewa "ukku", kuma wannan ninkin yana nauyaya gaɓar farko, ya ture "ku" ta makara. Sai da na kama ɗan ƙanwar tawa da wannan kafin na gane abin da ke sa shi tuntuɓe kullum a taku na uku. Don wannan aikin kaɗai, ka aro bakin Kanawa ka ce "uku" a gajarce. Ka kuma faɗi duk gaɓoɓin da murya ɗaya, tsawo ɗaya, a fili, ba a zuci ba.

Ba duk taku ne nauyinsu ɗaya ba. A gida mai taku huɗu, na ɗaya ya fi nauyi, na uku ke bi masa, na biyu da na huɗu sun fi sauƙi, 'yan tsakanin kuwa su ne mafiya sauƙi. Shi ya sa ƙarfin da aka ɗora a kan "yu" ya fi girgiza kunne a kan wanda aka ɗora a kan "bi".

Tafi a sama

Yanzu ƙara hannu, amma tafi kawai. Ƙafa na takawa, baki na ƙidaya, hannu na tafawa a kan ya, yu, ku, ɗu:

```
ɗa ya bi yu u  ku hu ɗu
X  .  X  .  X  .  X  .   ƙafa
.  X  .  X  .  X  .  X   tafi
```

Duk wanda ya tashi a gidan da ake daka ya san wannan tun kafin ya san sunansa. Mata biyu a turmi ɗaya suna lugude, taɓaryar wannan na sauka ta waccan na sama. Ta biyun ba ta bin ta farko da gudu, ba ta kuma jiran ta ji saukarta sannan ta yi shawara. Tana da nata lokacin, a daidai tsakiya, in ba haka ba taɓare su haɗu. Haka mai cilla taɓarya sama ta tafa kafin ta cafe: tafin nan a tsakani yake faɗowa. In ka bi ta Maƙera Assada ka tarar maƙera biyu suna karɓa-karɓa da guduma a kan ƙarfe ɗaya, tsaya ka saurara, lissafin ɗaya ne.

Na kawo wannan ne saboda kuskuren da ya fi yawa shi ne mai koyo ya ɗauki bugun tsakani a matsayin amsa. Sai ya jira ya ji ƙarar metironom sannan ya tafa. Mai jira kullum makara yake yi, kuma makarar tana taruwa kaɗan-kaɗan har tafin ya je ya hau kan ƙarar gaba. Alamar da za ka gane hakan ya faru da kai ita ce, ka fara kana jin ƙara, tafi, ƙara, tafi, bayan gida shida ko bakwai sai ka ji ƙarar ta ɓace, tafinka ya rufe ta. Maganinsa ka ɗaure tafin da tashin ƙafarka, ba da kunnenka ba. Wasu ma suna samun sauƙi idan suka ɗora tafin hannu kamar taƙi ɗaya a saman gwiwa, suka bar gwiwar ta taso ta same shi.

Akwai kuskure na biyu da ya fi wannan wayo: ƙafa ta bi hannu. Kana tafawa a tsakani, sai jiki ya ga ai tafin ya fi ƙarfi, ƙafar ta sulale ta koma sauka tare da shi. Kai a ranka komai daidai yake, don hannu da ƙafa sun shirya, alhali kiɗan ya kife. Duba ƙasa da idonka. In ƙafa na ƙasa lokacin da tafi ya tashi, tsaya, ka sake daga farko. Kada ka yi ƙoƙarin gyarawa kana cikin tafiya.

Ɗauko sanda

Ka samu matashi mai tauri, ko tsohuwar tayar babur, ko bencin da ba za a yi maka faɗa a kansa ba. Buga duk gaɓoɓin takwas, dama, hagu, dama, hagu, a hankali, kan sanda bai wuce yatsu uku daga saman abin da kake bugawa ba. Za ka ga dama tana ɗaukar taku, hagu tana ɗaukar tsakani. Ga bahago, sai a juya. Ma'ana, duk bugun tsakani ya faɗa wa hannunka mai rauni, kuma wannan ma yana cikin abin da ke sa shi wuya da farko.

Ƙarfin bugu daga tsayin sanda yake zuwa, ba daga damƙa ba. In kana son gaɓa ta fito, ɗaga sandar kamar taƙi ɗaya ka sake ta ta faɗo, sauran su zauna ƙasa-ƙasa. Mai damƙe sanda ya danna ta da ƙarfi yana kashe amon fata, wuyan hannunsa ya sandare, bugun da ke biye ya makara. Fara da ƙarfafa "ɗa" kaɗai, gida huɗu. Sai "ya" kaɗai, gida huɗu. Haka har ka kai "ɗu". Abin lura shi ne, sandar da za ta yi babban bugu dole ta fara tashi tun a gaɓar da ta gabata, lokacin da ɗaya hannun ke aiki. In ka bari sai lokacin ya zo sannan ka ɗaga, ka riga ka makara.

Mai koyon kalangu makaɗi ɗaya ne a hannunsa, don haka ba shi da wannan karɓa-karɓar. Sai ya bar makaɗin yana ɗan lilo a iska a kan gaɓoɓin da ba ya bugawa. Ya kuma kula da hammata: matsa tsarkiya yana ɗaga murya, kuma murya mai tsini kunne yana jin ta kamar ƙarfi ko da an buga ta a hankali. A wannan matakin ya riƙe matsi ɗaya har lokacin ya zauna, daga baya ya sa murya.

Kiɗan nan mai bugu uku

Mu koma kan abin da ya kawo yaron. Gaɓa takwas ake rabawa uku, uku, biyu. Bugu na farko a kan "ɗa", na biyu a kan "yu", na uku a kan "hu":

```
ɗa ya bi yu u  ku hu ɗu
X  .  X  .  X  .  X  .   ƙafa
X  .  .  X  .  .  X  .   sanda
```

Wannan rabon yana cikin kaɗe-kaɗe da yawa na Afirka da na ƙasashen da 'yan Afirka suka kai kiɗansu, irin su Kuba, kuma kunnenka ya sha jin sa a waƙoƙin zamani. Dubi abin da ke faruwa a tsakiyarsa. Taku na uku, wanda shi ne na biyu a nauyi, an bar shi fayau. Ƙarfin da ya kamata ya samu an riga an ba "yu", rabin taku kafin lokacinsa. Ƙafa tana sauka a kan "u" ba ta tarar da kowa ba. Wannan ramin shi ne ke sa kafaɗa motsi.

A kan 60 BPM gida ɗaya daƙiƙa huɗu ne. Bugu na farko yana farkon gida, na biyu bayan daƙiƙa ɗaya da rabi, na uku a kan daƙiƙa uku cif. Shi kuwa yaron ya raba huɗun nan gida uku daidai, sai na biyunsa ya zo a daƙiƙa ɗaya da sulusi, na ukunsa a daƙiƙa biyu da sulusi biyu. Bambancin na biyun ɗan kaɗan ne, da wuya sabon kunne ya kama. Amma na ukun ya riga lokacinsa da sulusin daƙiƙa, kuma a nan ake cafke shi. Gwajin mai sauƙi ne: bugu na uku dole ya sauka tare da ƙafa a taku na huɗu. In sanda ta riga ƙafa, ka daidaita rabon, ka kashe kiɗan.

Ga yadda muka gyara. Na sa shi ya buga duka takwas a hankali yana ɗaga uku kawai, dama a "ɗa", hagu a "yu", dama a "hu". Da ya zauna, na ce ya rage ƙananan har su zama kamar raɗa. Daga nan ya daina taɓa bencin da su, amma hannu na ci gaba da motsinsu a iska. A ƙarshe baki kaɗai ke faɗin su. Ya ɗauke mu yamma huɗu. Ba mu ƙara sauri ba sai da ya yi gida goma sha shida a jere ba tuntuɓe, kuma ƙari biyar-biyar muka riƙa yi: 65, 70, 75. Ka riƙa ɗaukar kanka a waya tare da ƙarar metironom, domin lokacin da kake bugawa kunnenka yana goyon bayan hannunka, sai ka saurara daga baya yake faɗa maka gaskiya.

In kana son ka san ko abin ya shiga jiki, juya metironom ɗin a ranka. Ka ɗauki ƙararta a matsayin ya, yu, ku, ɗu, kai kuma ka samar da takun da ƙafarka a cikin shirun. Ranar da ka iya buga uku, uku, biyu a haka na minti ɗaya ba ta juye maka ba, ka kama.

Wannan ƙidayar tana da iyaka. Ta kiɗan da ke raba taku biyu ce. Da yawa daga kiɗanmu na gargajiya suna raba taku uku ne, kuma in ka tilasta musu ɗa-ya, bi-yu za ka gurgunta su. A can sai ka ce ta-ka-ta a kowane taku, gida ya zama gaɓa goma sha biyu, abin da ake rubutawa 12/8, tsakanin kuma ya zama wuri biyu maimakon ɗaya. Ka saurari kiɗan tukuna ka ji nawa yake rabawa kafin ka ɗora masa ƙidaya.

Rubutawa

Layukan da na zana a sama rubutu ne cikakke, kuma ina ba kowane mai koyo shawara ya fara da su a littafin lissafi mai akwatuna, akwati ɗaya gaɓa ɗaya, layin ƙafa a sama kullum. Amma wanda zai yi kiɗa da masu karanta takarda yana bukatar alamomin da suka sani, kuma kaɗan ne ake bukata a nan. Baƙin kai, wato ɗan baƙin zagaye, mai sanda tsaye a jikinsa taku ɗaya ne. In an sa wa sandar wutsiya ɗaya, rabin taku ne, wato gaɓa ɗaya. In biyu ko huɗu masu wutsiya suka jeru, ana cire wutsiyoyin a haɗa sandunan da layi mai kauri kamar azara. Shiru ma yana da alama: na rabin taku yana kama da lamba 7, na cikakken taku kuwa wani ɗan lanƙwasasshen zane ne a tsaye. Ɗigo a gefen dama na kai yana ƙara masa rabin tsawonsa. Alamar > a sama ko ƙasan kai tana nufin a ƙarfafa wannan bugun.

Ƙa'idar da ke riƙe da komai ita ce mai karatu ya ga inda taku yake ko da ba a buga shi ba, musamman na uku, wanda ke tsakiyar gida. Don haka azara ba ta tsallaka tsakanin taku na biyu da na uku. Kiɗanmu na uku, uku, biyu ga mai ganga sai a rubuta shi taku bayan taku. Na ɗaya: baƙin kai na taku ɗaya. Na biyu: shirun rabin taku, sannan kai mai wutsiya da > a kansa. Na uku: shirun cikakken taku. Na huɗu: baƙin kai na taku ɗaya. Haɗa lissafin: ɗaya, da rabi da rabi, da ɗaya, da ɗaya, huɗu ke nan. Kowane gida sai ka yi masa wannan lissafin, in bai ba da huɗu ba akwai abin da ya ɓace.

Za ka ga wasu sun rubuta shi da kai mai ɗigo biyu da marar ɗigo ɗaya. Lissafinsa daidai ne, kuma ƙwararru sun saba da siffarsa suna karanta shi nan take, amma yana ɓoye taku na uku, ga sabon hannu kuwa wannan ɓoyewar ce ke jawo rabon gadon da yaron ya yi. Za ka kuma ga inda aka rubuta "yu" aka ɗaure shi da wani kai a taku na uku da ɗan layi mai kama da baka. Bakan yana nufin kada a sake bugawa, a bar sautin ya zarce. Mai busa ko mai goge da ke iya jan sauti yana amfana da shi. Gangar fareti kuwa da an buga sautin ya mutu, shi ya sa na fi son alamar shiru, ido yana ganin ramin ƙarara.

Wurin da na fi ganin an yi ɓarna shi ne bakin layin da ke raba gida da gida. A ce kiɗa ya yi babban bugu a kan "ɗu", ya bar "ɗa" na gidan gaba fayau. Kunnen mai koyo yana jin ƙarfin ya ce ai nan ne farko, sai ya ja layin gida kafin bugun, ya mai da shi taku na ɗaya. Daga nan duk abin da ya biyo baya ya goce da rabin taku, kuma wanda ya karanta takardar zai buga wani kiɗa dabam. Bugun "ɗu" ɗan tsohon gida ne. A can za a rubuta shi, kai mai wutsiya a ƙarshen gida da > a kansa, sannan layi, sannan sabon gida ya buɗe da alamar shiru.

Don haka in za ka kwafi kiɗa daga kunne zuwa takarda, kada ka fara da neman inda ƙarfi yake. Saurara sau biyu ko uku kana taka ƙafa kawai har ka tabbatar da taku da inda gida ke farawa. Zana akwatuna takwas ka cike layin ƙafa. Sannan ka ɗauki bugu ɗaya-ɗaya ka tambayi kanka, da ya faɗo, ƙafata tana ƙasa ko tana sama, kuma wace gaɓa bakina ke faɗa? Sa shi a akwatinsa. Sai akwatunan sun cika za ka mayar da su alamomi. In ka gama, miƙa wa wani da bai ji kiɗan ba ya buga maka daga takardar, ko ka shigar da shi a MuseScore, manhajar rubuta kiɗa wadda kyauta ce, ka sa ta buga, ka kwatanta da abin da ka ɗauka a waya. Inda suka saɓa, koma kan akwatin wannan takun ka sake ƙidaya shi a kan 60.